Sunan da Hassana Ba Ta Faɗa

Duk rugar da ke gabas da Assakio an san Hassana ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba faɗa suka yi ba, al'ada ce. Tun ranar da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ita kuwa ta ɗaura kunya kamar zane. Ya girma, ya yi aure, har gemu ya fito masa, amma a bakinta bai wuce "wancan" ba. In abinci za ta ba shi, sai ta ajiye akushi ta ce wa iska, "Ga tuwo nan, mai so ya ɗauka." In ya shigo ta gabas, ta fice ta yamma. Sunansa Bubayero, kuma da za a sami saniya mai wannan suna ma, da sai an sake wa saniyar suna.

Sai dai wanda ya ce ba ta kallonsa, bai san uwa ba. Da wutsiyar ido take kallonsa, kuma wutsiyar idon Hassana ta fi idon wasu biyu gani.

A shekarar da wannan abu ya faru, garin Lafiya yana ƙarƙashin Jos, ba a ba shi jiha ba tukuna. Bubayero ya raka shanun baffansa Saleh zuwa Fatakwal a babbar mota. Baffa Saleh ƙanen marigayi mahaifinsa ne, kuma shi ne uban matarsa Sailuba, wato uba ne kuma suruki, kunya bisa kunya. Wajen sauke shanun wani bijimi ya hauri Bubayero a ƙafar hagu. Ya karkaɗe wando ya ci gaba da aiki. A dawowa ya sami wuri a can ƙuryar wata tsohuwar bas, buhun goro a kan cinya, jarkar manja ta tokare masa gwiwa. Motar ta lalace kafin Makurdi, ta gyaru, ta sake lalacewa. Fasinja na sauka suna miƙe ƙafa, shi kuwa gogan naka yana zaune, don fitarsa sai an ɗaga mutane da kaya, kuma ba zai buɗe baki ya roƙi kowa ba. Ruwa ma ƙin sha ya yi, kada fitsari ya kama shi ya ce a tsaya dominsa. Fulako ke nan, kunyar Fulani, abin ado ne, amma wani lokaci igiya ce a wuya.

Ya iso gida aka yi masa barka da zuwa, ya ce lafiya lau.

Hassana ce ta fara ganin ba lafiya lau ba ne. Sawunsa a hanyar rafi ya sauya, na hagu yana jan ƙasa. Ta ga Sailuba, wadda ke jego, tana ɗora ruwan zafi ba lokacin wankanta ba, tana shiga ɗaki da tsumma. Ta jiyo shi ƙasa-ƙasa yana ba matar labarin bijimin da zaman motar. Daga baya ta tsinci takalminsa na roba a bayan bukka, ƙafar hagu, an tsaga shi da wuƙa daga baki zuwa dunduniya. Mutum ba ya tsaga takalminsa sai in ƙafa ta ƙi shiga. Ta ɗauka ta ƙulle a bakin mayafinta, ita kanta ba ta san dalili ba.

Da safe Bubayero yana kwance igiyar maruƙa, sai kawai ya dafe haƙarƙari. Ya buɗe baki yana jan iska kamar wanda ya yi tsere da doki, alhali taku bai yi ba. Gumi ya karyo masa, ya durƙushe. Da ya yi tari ya tofar, sai ga zaren jini a yawun, ya yi maza ya rufe da ƙasa. Amma wutsiyar idon nan ta riga ta gani.

Baffa Saleh ya tare a-kori-kura mai zuwa Lafiya, aka ɗora shi. Hassana ta ɗauki ƙwaryar nono ta hau baya.

"Ke kuma ina zuwa?" in ji Baffa Saleh.

"Kasuwa. An ce nono na tsada a Lafiya."

Kowa a motar ya san ƙarya ce, kowa ya yaba mata a zuci. Cikinta kuwa tsoro ne fal, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko ranar da ta haife shi.

A asibiti aka kwantar da shi a ɗakin duba marasa lafiya na gaggawa, aka sa masa robar iska a hanci. Hassana ba ta shiga ba. Ta zagaya ta zauna a ƙarƙashin tagar ɗakin, ta ajiye ƙwarya a gabanta kamar mai jiran ciniki, kunnenta duk yana ciki.

Likitan da ke aiki ran nan Dokta Iorfa ne, Batibi, dogo, mai Hausar kasuwa da ba ta damu da mace ko namiji ba. Ya kama hannun Bubayero yana duban agogo, ya ce bugun ya yi sauri da yawa. Ya auna zafin jiki, ba wani zazzaɓin kirki. Ya ɗora abin sauraro a ƙirji da baya, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya sake saurare.

"Kana da asma?"

"A'a."

"Tari na dogon lokaci? Kana rama?"

"A'a."

"Wani wuri yana maka ciwo?"

Bubayero ya dubi surukinsa da ke tsaye a kansa da sanda, ya sunkuyar da kai. "Babu."

A ƙarƙashin taga Hassana ta cije leɓe.

Aka gungura shi ɗaukar hoton ƙirji, aka dawo da shi. Kwanciya da iskar nan sun ɗan sassauta masa, har ya tashi zaune. Dokta Iorfa ya ɗaga hoton wajen haske ya daɗe yana kallo.

"Babu nimoniya. Huhu bai fashe ba, zuciya bai kumbura ba, ruwa babu. To wannan ne ban so. Mutum yana haki haka, hoto kuma yana fes, akwai abin da yake ɓoye. An yi maka aiki kwanan nan? Ka kwanta jinya? Ka yi doguwar tafiya a mota?"

Baffa Saleh ya karɓe zancen, don a ganinsa yaro ba ya magana babba na tsaye. "Likita, ƙalau yake, gajiya ce. Ka ba shi allura mu koma, shanu na jira."

"Bari in ga ƙafa."

Likita ya miƙa hannu zai ɗage wandon, Bubayero ya janye ƙafafu ya rufe da riga. Ya kwaɓe a gaban surukinsa? Gara ƙasa ta tsage. Ana cikin haka wata nas ta faɗo ɗakin a guje, ta ce mai haihuwa na zubar da jini. Dokta Iorfa ya ajiye hoton, ya nuna Bubayero da yatsa.

"Kar ya tashi daga gadon nan. Ina dawowa."

Amma abin da ya shiga kunnen Baffa Saleh ɗaya ne, hoto fes. Ya leƙa wajen mai ɗaukar hoton ya tambaya, shi ma ya ce bai ga komai a ciki ba, kuma gaskiya ya faɗa. Shi ke nan, Baffa ya dawo ya zare robar hancin da kansa, ya ce ai na'ura ba ta ƙarya, a tashi a tafi tun motar Assakio ba ta cika ba.

Hassana ta tare shi a baranda, ta kau da kai gefe yadda ba za ta haɗa ido da ɗanta ba.

"Baffan yara, ƙafar wancan fa? A kumbure take."

"Ikon Allah! Ina ruwan ƙafa da numfashi? In mun je gida a kira mai tausa ya murje ta da man shanu. Ke je ki sayar da nononki."

Suka wuce. Bubayero na tafe a hankali, yana taku yana tsayawa kamar mai gyara hula, don kada a ce ya gaza. Ta bi bayansa da kallo, ta ga yadda kafaɗunsa ke hawa da sauka. Ranta ya ba ta in ya hau motar nan, gawarsa za a sauke.

Ta ɗauki ƙwarya ta shiga ciki, wurin da ba ta taɓa taka ƙafa ba. Ta ci karo da wata babbar nas mai farin kallabi, Sista Iyatu, 'yar Gwandara, haifaffiyar Akurba, wadda aka sani da faɗa da kuma kirki.

"Mama, ba a talla a nan."

"Ba talla ba ne. Wani yaro ne aka fita da shi."

"Wane yaro? Yara nawa na gani tun safe! Mene ne sunansa?"

Bakin Hassana ya buɗe, ya rufe. Sunan na nan a kan harshe, ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Sai ta kwance bakin mayafinta, ta zaro tsagaggen takalmin ta miƙa.

"Nasa ne. Daga Fatakwal ya dawo, a zaune, bai sauka ba. Sa ya haure shi. Ƙafar ta kumbura har ya tsaga wannan. An gasa masa an murza. Yau da safe ya faɗi, ya tofar da jini ya rufe da ƙasa."

Sista Iyatu ta dubi takalmin, ta dubi matar da ta san duk wannan amma ta kasa faɗin suna. Ba sai an yi mata bayani ba, ita ma 'yar ƙasar ce.

"Ɗan fari ne?"

Hassana ta gyaɗa kai.

Sista ta ja hannunta suka nufi ɗakin haihuwa. Suka dace Dokta Iorfa na fitowa yana goge hannu, an shawo kan jinin. Tun Sista ba ta gama magana ba fuskarsa ta sauya.

"Mai hoto fes ɗin nan? Ina yake? Na ce kar ya tashi! Jini ne ya daskare a ƙafa, gutsure ya tafi huhu. In wani ya sake ɓallewa yana tafiya, a nan zai faɗi!"

Suka fito baranda a guje. Can nesa, bayan filin asibitin, bayan masu sayar da lemo da kunu, ga Baffa Saleh a bakin titi ya tsayar da mota, ga Bubayero ya dafa ƙarfen bayanta. Ranar kasuwa ce, titi cike da hon da hayaniya.

"Malam! Kai mai hula!" Sista Iyatu ta ƙwala. Masu hula wajen goma suka waiwayo, banda shi. Katinsa na can ɗaki, likita bai riƙe sunan ba, ga direba yana ba mota wuta. Masinjan da aka tura da gudu ko rabin filin bai kai ba.

Hassana ta ajiye ƙwarya a ƙasa. Mace ce da ta tashi tana kiran shanu daga wannan tudu zuwa wancan, muryar na nan, ba ta tsufa ba. Ta cika ƙirji, ta ɗora hannu a gefen baki.

"Bubayerooo!"

Hankakin da ke kan bishiyar mangwaro suka tashi. Masu kunu suka yi tsit. A bakin titi, Bubayero ya sandare da ƙafa ɗaya a kan taya. Ya san muryar, tun yana yaro yake jin ta tana kiran kowa da komai a duniya banda shi. Ya sauke ƙafar, ya juyo.

"Bubayero, zauna a nan inda kake! Kada ka ƙara taku ko ɗaya!"

Ya zauna daɓas a ƙasa, kamar yaron da aka tsawata wa. Sandar Baffa Saleh ta suɓuce daga hannunsa, bakinsa a buɗe. Direba ya gaji da jira ya ja motarsa.

Aka kawo gadon turawa aka mayar da shi a kwance, aka mayar da robar iska. Wannan karon Dokta Iorfa ya dubi Baffa Saleh ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ka jira a waje." Baffa ya fita sumsum. Hassana ta tsaya a bakin ƙofa, ta ba gadon baya, tana kallon bango.

"Abin da likita ya tambaya, a faɗa masa gaskiya," ta ce wa bangon.

Aka ɗage wando. Ƙafar hagu ta kumbura daga idon sawu zuwa gwiwa, fata na sheƙi, da ɗumi. Sista Iyatu ta zaro tef irin na tela, ta auna sharaɓar dama, ta auna ta hagu daidai wuri ɗaya a ƙasan gwiwa. Ta hagu ta fi da kusan faɗin yatsa uku. Likita ya taɓa a hankali, Bubayero ya runtse ido, ya yarda akwai ciwo. Ya yarda da sukar haƙarƙari in ya ja numfashi, ya yarda da jinin. Da bakin ya buɗe sai ga magana tana zuba, har da ƙishirwar da ya sha a mota.

Aka gunguro na'urar awon zuciya, aka manna masa wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, ta fitar da siririyar takarda mai zane. Dokta Iorfa ya bi ta da biro.

"Ba ciwon zuciya ba ne. Yana gudu ne kawai, kuma gefen dama yana wahala, kamar mai tura ruwa a bututun da ya toshe." Ya juyo wajen ƙofa. "Mama, ki ji. Jini yana dawowa daga ƙafa zuwa zuciya, daga zuciya zuwa huhu ya ɗauki iska. In mutum ya zauna ya daɗe bai motsa ba, ko an yi masa aiki ya kwanta, jini yana iya yin guda a jijiyar ƙafa. Gudan ya ɓalle, ya bi hanya ya toshe jijiyar huhu. Iska yana shiga, amma jinin da zai ɗauka bai iso ba. Shi ya sa hoto bai nuna ba. Hoto ya gaya mini abin da ba shi ba ne kawai."

"To wane hoto ne zai nuna?" Hassana ta tambayi bangon.

"Akwai, amma ba a nan ba. Na ƙafa, wanda ake sa ruwan magani a jijiya a ɗauka, sai Jos. Na huhu ya fi haka nisa. In na ɗora shi a mota yau, hanya zai iya kashe shi. Tafiya, da ƙafa, da haki, da hoto fes, da wannan takarda, duk magana ɗaya suke yi. Zan fara magani yanzu."

Kafin ya fara sai da ya bi Bubayero da tambaya, ko yana da gyambon ciki, ko ya taɓa kashin jini ko baƙin kashi, ko ya bugu a ka, don maganin tsinka jini ne, ba a ba mai zubar jini. Duk babu. Aka ɗebi jininsa, aka ɗaura masa ruwa, aka fara ba shi hefarin ta jijiya. Likita ya ce maganin ba ya narkar da gudan nan take, hana shi girma yake yi da hana wani sabo, jiki kuma da kansa zai cinye tsohon a hankali.

Kwanakin farko sun yi wuya. Kullum ma'aikacin ɗakin gwaji zai zo ya ɗebi jini a kwalba, ya riƙa karkata ta yana duban agogo, ya ga yaushe zai daskare, don a san ko maganin ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Hassana na zaune a ƙarƙashin taga, nonon ya daɗe da tsami, ta rabar. Daga nan take ƙirga numfashinsa da kunne. Ta ji ya daina yankewa a tsakiyar magana. Ta ji an cire robar hanci. Ran nan ta ji ya yi dariya da wani maƙwabcin gadonsa, dariya mai tsawo, bai tsaya neman iska ba. Ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka na daɗi, son ranta.

Aka haɗa masa da ƙwayar wafarin, ita ma ta tsinka jini ce, bayan 'yan kwanaki da gwaji ya nuna ta kama aka cire allurar. Ranar sallama Dokta Iorfa ya tara su duka, har da Baffa Saleh. Ya ce ƙwaya kullum har watanni, da zuwa gwajin jini a kan kari. Ba tausa, ba ƙaho, ba tsagar wanzami, ba ƙwayoyin ciwon jiki na kasuwa, ba jiƙo sai an tambaya. In ya ga jini a fitsari ko jinin dasashi ya ƙi tsayawa, ya zo da gudu. In zai yi doguwar tafiya kuma, ya sha ruwa, ya sauka ya taka duk inda aka tsaya.

"Ko da za a ɗaga buhu goma saboda kai," in ji Sista Iyatu. "Kunyar mara lafiya asara ce, ka ji ko?"

Baffa Saleh ya daɗe yana murza sandarsa. Sannan ya juya wajen Hassana, a gaban kowa, ya ce, "Da kin bi ta tawa, da yanzu zaman makoki muke. Kin karya al'ada, kin tsayar da gida. Allah ya yi miki albarka." Ba ƙaramin abu ba ne dattijo kamarsa ya faɗi haka, kuma labarin ya riga su isa ruga. Da motar ta tsaya, mata suka fito da guɗa, Sailuba na gaba da jariri a kafaɗa. Bubayero ya diro da ƙafafunsa biyu, ya cika huhu da iskar gida, shanu suka ɗago kai.

Hassana kuwa tana sauka ta koma gidan jiya. Ta kwance ƙullin mayafinta, ta fito da sabon takalmin roba da ta saya a kasuwar Lafiya, ta miƙa wa Sailuba tana kallon wani wuri.

"Ki ba wancan. Ki ce a daina tsaga takalmi a ɓoye."

Mata suka fashe da dariya. Wata tsohuwa ta ce, "Hassana, ai kin riga kin fasa ƙwai, duk Lafiya ta ji ki. Ƙara kira mana mu ma mu ji!"

"Ni? Yaushe? Shanu nake kira."

Bubayero ya karɓi takalmin ya zura, ƙafa biyu suka shige daidai. Bai dube ta ba, shi ma ɗan halak ne, ya san iyakarsa. Sai ya sunkuya ga jaririn da ke kafaɗar matarsa, ɗansa na fari, ya yi magana yadda za ta jiyo.

"Kai, in ka girma kada ka ji haushi don ba a kiran sunanka. Ajiye maka shi ake yi. Ni da aka tashi kiran nawa, daga bakin kabari ya dawo da ni."

Hassana ta shige bukka da sauri, wai hayaƙi ya shigar mata ido, alhali ba a hura wuta ba tukuna.